Yadda ake rubuta wa ɗalibin digiri na biyu wasiƙar gyara idan bayanansa na da ƙarfi amma hujjarsa ta warwatse

Akwai wani irin daftarin kundi da ya fi kowanne ba malami wahala. Ɗalibi ya shiga fili da gaske, ya raba takardun tambayoyi, ya zauna da mutane ya ɗauki maganarsu, alƙalumansa sun daidaita idan aka haɗa su. Amma ka karanta shafi ɗari da wani abu ka rufe, a tambaye ka me ya gano, sai ka rasa jimla ɗaya da za ka faɗa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki jan biro a bi aikin layi-layi, a rubuta "babu tsari" a gefen shafi wuri goma, a mayar masa. Bayan wata guda ya dawo da shi ya gyara waƙafi da rubutun manazarta, ruɗanin kuwa yana nan daram. Dalili shi ne ɗalibin da ya san yadda tsari yake da tun farko ya yi shi. Faɗa masa cewa babu tsari bai ƙara masa komai ba.

Aikin wasiƙar gyara a irin wannan hali guda ɗaya ne: ta nuna wa ɗalibi hujjar da ke kwance a cikin bayanansa, ta faɗa masa shafin da take, sannan ta jera masa gyaran da zai fara da wanda zai jinkirta. A mafi yawan sassan jami'o'in Kano, daga Bayero zuwa sauran, da Turanci za a rubuta wasiƙar, a wasu sassan kuma da Hausa ko Larabci. Ginin wasiƙar bai canja ba, shi ya sa muka kawo samfurin da Hausa.

Kundin da za mu yi aiki a kansa

Misalin nan mu muka tsara shi domin koyarwa, lambobinsa ba na wani bincike na gaske ba ne. Wata ɗalibar digiri na biyu ta yi nazari a kan karɓar kuɗi ta taransifa a tsakanin 'yan kasuwar Kantin Kwari bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Najeriya ya yi. Daftarin shafi 118 ne, babi biyar kamar yadda aka saba. Ta samu takardun tambayoyi 320 da aka cika, ta yi hira da 'yan kasuwa 15, ta fitar da jadawali 26.

A babi na ɗaya tana da manufofi uku, tambayoyin bincike biyar, hasashe huɗu, kuma ba su dace da juna ba. Babi na biyu jerin sunaye ne: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, shafi talatin. Babi na huɗu ya bi takardar tambayoyi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, kowace tambaya da jadawalinta da sakin layin da ke maimaita lambobin jadawalin da kalmomi. Babi na biyar ya ba da shawarar a wayar da kan 'yan kasuwa saboda ƙarancin ilimin boko.

To, a shafi na 87, jadawali na 4.19 ya nuna abin da ya rusa wannan shawarar. Matakin karatu bai raba masu karɓar taransifa da masu ƙin ta ba. Abin da ya raba su irin ciniki ne: masu sayar da sari, waɗanda abokan cinikinsu sanannu ne da ke zuwa daga nesa, suna karɓa ko sun yi boko ko ba su yi ba. Masu sayar da turmi ɗai-ɗai ga wanda ba su sani ba su ne ke ja da baya. Hirarrakin da suka bayyana dalili, wato tsoron alat na bogi da jinkirin shigar kuɗi bayan mai saye ya tafi, suna can a rataye, ba a taɓo su a cikin kundin ba sai sau biyu. Kamar shago ne da aka jibge diloli aka danne shadda mafi tsada a can ƙasa, mai saye ya leƙo ya ga tarin kaya ya wuce.

Karatun da ake yi kafin a rubuta kalma ɗaya

Karatun farko ajiye biro. Ka ba shi awa biyu zuwa uku a zama ɗaya, ko biyu idan dole, kada ka gyara komai. Da zarar ka fara gyaran nahawu a shafi na uku hankalinka ya koma kan jimloli, ba za ka ƙara ganin siffar aikin gaba ɗaya ba. Idan ka gama, rufe kundin ka rubuta a takarda abin da kake ganin ɗalibin ya gano, cikin jimla ɗaya ko biyu. Sai ka buɗe tsakure da kammalawa ka ga abin da shi ya ce ya gano. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce jigon wasiƙarka. A misalinmu kai ka rubuta "irin ciniki da sanin mai saye", ita ta rubuta "ƙarancin ilimi".

Karatu na biyu na babi na huɗu da na biyar ne kawai. Ɗauki farar takarda, kowane jadawali da kowane sakin layi ka ba shi layi ɗaya: lambar shafi, da abin da yake cewa cikin kalmomi bai fi goma ba. Idan ka zo sakin layin da ka kasa taƙaita shi, yi masa alama, domin ko dai abu biyu yake faɗa a lokaci guda ko kuma ba ya faɗin komai. Babi mai shafi arba'in yakan ba ka layi hamsin zuwa sittin, takarda biyu ke nan. A kan waɗannan takardu biyu ne za ka ga abin da ba ya ganuwa a cikin kundin: maganar amana ta fito a shafi na 71, ta ɓace, ta sake ɓullowa a 87, sannan a 96. In daftarin a Word aka turo shi kuma ɗalibin ya sa kanun da Heading styles, to Navigation Pane zai nuna maka jerin kanun a gefe. Yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin takardar hannu, don kanu sukan yi alƙawarin abin da ba ya ƙarƙashinsu.

Daga nan sai jadawalin daidaitawa, wanda shi ne makami mafi amfani a duk wannan aiki. Ja gida huɗu: manufa, jadawali ko hirar da ta amsa ta, shafin da aka tattauna ta, jimlar da ta naɗe ta a babi na biyar. Cika kowace manufa a layinta. Giɓi zai bayyana da kansa. A misalinmu, manufa ta biyu tana da jadawali tara amma ba ta da ko jimla ɗaya a kammalawa. Manufa ta uku tana da shawarwari huɗu amma babu jadawalin da ya tsaya mata. Jadawali takwas kuma ba su shiga layin kowace manufa ba. Waɗannan takwas ɗin marayu ne, kuma dole wasiƙar ta yanke musu hukunci: ko su koma rataye, ko a haɗe su, ko a cire.

Ka tabbatar cutar ta tsari ce

Kafin ka gaya wa ɗalibi cewa bayanansa na da ƙarfi, ka gwada su, domin wannan jimla alƙawari ce. Idan ka faɗe ta yau, mai jarrabawa na waje ya zo ranar kare kundi ya nuna cewa samfurin mutanen da aka tambaya ya gurgunce, kai ne ka yaudari ɗalibin. Zaɓi jadawali uku ka haɗa lambobinsu, ka ga ko jimillar ta kai 320, in ba ta kai ba ko an faɗi adadin waɗanda ba su amsa ba. Duba ko kason cikin ɗari ya haɗu. Nemi ainihin abin da SPSS ko wata manhajar ta fitar ka kwatanta da jadawali biyu na cikin kundin. Duba yadda aka zaɓi mutanen: in duk daga layi biyu na kasuwar aka ɗebo su saboda kawunta na da shago a wurin, to matsalar ta wuce tsari.

Akwai kuma bambanci tsakanin hujjar da ta warwatse da wadda babu ita. Gwajin mai sauƙi ne. Daga takardarka ta layi-layi, za ka iya zaɓar layi shida zuwa takwas ka jera su su ba da magana ɗaya mai kai da gindi, ba tare da ka ƙara komai daga kanka ba? In ka iya, hujjar tana nan, jeri take buƙata, kuma aikin mako uku zuwa huɗu ne ga ɗalibin da ke da wani aikin ofis. In sai ka ƙirƙiro mahaɗi daga saninka, to nazarin bai kammala ba, wasiƙar da ta dace da shi daban ce, kuma kada ka kira shi gyaran tsari don ka sauƙaƙa wa kanka faɗa.

Gina wasiƙar

Tsawonta shafi ɗaya da rabi zuwa biyu. Wasiƙa mai shafi shida ɗalibi zai mayar da ita jerin abubuwan da ake sokewa, ya fara da mafi sauƙi, ya gaji kafin ya kai ga mai muhimmanci. Manyan buƙatu kada su wuce uku.

Gaisuwa gajera ce, irin wadda ta dace da mu. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Kano da yawansu magidanta ne, wasu shugabannin makarantu, wasu daraktoci a ma'aikata, wasu ma sun girmi mai duba aikin. "Malam" ko "Malama" ta wadatar, "Alhaji" ko "Hajiya" in haka kuke kiran juna. Girmamawa a gaisuwa take zama, kada ta malalo ta narkar da hukuncin.

Sakin layi na farko bayan gaisuwa shi ne hukunci, kuma a nan ake yabo. Yabon dole ya zo da lambar shafi. "Kin yi ƙoƙari" ɗalibi ya san shimfiɗa ce kafin duka, ba ya ma karanta ta. Ga yadda zai kasance:

"Assalamu alaikum. Malama, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali. Na karanta daftarin gaba ɗaya. Aikin filin da kika yi ya tsayu: na gwada jadawali 4.3 da 4.11 da 4.19 da abin da manhaja ta fitar, sun yi daidai, kuma hirarrakin da ke rataye na C suna da nauyi ƙwarai. Ba sai kin koma kasuwa ba. Amma a yadda yake yanzu kundin bai kai a gabatar da shi a semina ba, saboda mai karatu ba zai gane abin da kika gano ba. Gyaran da ake buƙata na jeri ne, kuma ga shi a ƙasa."

Lura da jimlar "ba sai kin koma kasuwa ba". Ita ce abin da ɗalibi ya fi son ji, domin babban tsoronsa a ce ya sake tattara bayanai. Da ya ji ta hankalinsa ya kwanta, sauran wasiƙar ta samu shiga. Lura kuma an faɗi ƙarara cewa aikin bai kai ba. Malamai da yawa kunya kan hana su wannan jimlar, ɗalibi ya tafi yana zaton saura ɗaurin bango.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar: mayar wa ɗalibi da hujjarsa.

"Ga abin da nake ganin bayananki suna faɗa. Karɓar taransifa a Kwari ya fi bin irin cinikin mutum da sanin wanda yake ciniki da shi, fiye da matakin karatunsa. Jadawali 4.19 a shafi na 87 ne ya nuna haka, jadawali 4.8 ya nuna karatu bai yi tasirin da kika zata ba, hira ta 4 da ta 9 da ta 12 kuma sun faɗi dalili. Amma tsakure da babi na biyar suna cewa ƙarancin ilimi ne matsalar. Duka biyun ba za su zauna a kundi ɗaya ba. Ki sake duba waɗannan wurare biyar. In kin yarda da karatuna, ki rubuta shi da kalmominki cikin jimla biyu. In ba ki yarda ba, ki nuna mini jadawalin da ya saɓa masa."

Abu biyu ake kiyayewa a nan. Na farko, ka ce "nake gani", ka kuma buɗe ƙofar musu da gaske. Ita ta zauna a kasuwar, kai a ofis ka karanta, tana iya sanin abin da ya kuɓuce maka. Kuma ranar kare kundi ita za ta tsaya gaban malamai, hujjar da aka ɗora mata ba ta gamsu da ita ba tambaya biyu za ta rushe. Na biyu, kada ka rubuta mata jimlar a goge yadda za ta kwafe ta zuba a tsakure. A al'adarmu ɗalibi ba ya son canja kalmar malaminsa, duk abin da ka rubuta zai shiga kundin harafi da harafi. Ka nuna wurin, ka bar mata ginin jimlar.

Sai sakin layin da ke bayyana dalilin ruɗanin. Ɗalibi yana buƙatar sanin yadda abin ya faru don kada ya maimaita a babi na gaba. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an rubuta babin bisa jerin yadda aka yi aikin, alhali mai karatu jerin yadda ake fahimta yake buƙata. Takardar tambayoyi tana farawa da shekaru da jinsi da karatu don su ne masu sauƙin amsawa, ba don su ne mafi muhimmanci ba. Idan babi na huɗu ya bi ta sau da ƙafa, shafi goma sha biyu na farko sun tafi a kan bayanin su wane ne suka amsa, babban sakamako ya faɗo a lamba 19 cikin 26 da girma ɗaya da sauran. Ka faɗi wannan cikin jimla uku, ka kawo misali ɗaya daga takardarka ta layi-layi, misali maganar amana da ta rabu gida uku a shafi na 71 da 87 da 96.

Yanzu buƙatu uku, a jere, kuma ka ce a jeren za a yi su.

Ta farko daidaita babi na ɗaya. Manufa uku, tambaya uku, kowace tambaya a ƙarƙashin manufarta. A nan akwai rami da ya kamata wasiƙar ta toshe da kanta. Ɗalibi da ya ji cewa irin ciniki ne babban sakamako, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya koma ya goge hasashen ilimi, ya rubuta sabon hasashe da ya dace da abin da ya fito, kamar tun farko ya hango. Wannan ba gyaran tsari ba ne, sauya tarihin bincike ne, kuma kwamitin da ya amince da shawarar binciken yana da kwafin asali. Rubuta mata: "Hasashen ilimi ya zauna yadda aka amince da shi. Gwajin ya ba da p > 0.05, wato ba ki samu hujjar alaƙa ba, kuma wannan sakamako ne da za ki faɗa da ƙarfin gwiwa. Batun irin ciniki ki gabatar da shi a matsayin abin da nazari ya fito da shi." Ɗalibai da yawa suna ɗaukar hasashen da bai tabbata ba kamar faɗuwa a jarrabawa, shi ya sa suke binne shi. Sau da yawa wannan kunyar ce ma asalin warwatsewar.

Ta biyu sake jera babi na huɗu, kuma a nan wasiƙar take bayar da adadi dalla-dalla:

"Ki haɗe jadawali 4.1 zuwa 4.6 su zama ɗaya, bayanin waɗanda suka amsa kada ya wuce shafi biyu. Sauran babin ki raba shi kashi uku, kowane kashi tambayar bincike ɗaya. Kowane kashi ya fara da amsar tambayar cikin jimla ɗaya ko biyu, sannan jadawalin da ya tabbatar, sannan maganar 'yan kasuwa daga hira, sannan abin da bai dace da amsar ba in akwai. Jadawali takwas da na yi wa alama a takardar da ke haɗe ba su amsa kowace tambaya ba, su koma rataye. A ƙarƙashin jadawali kada ki maimaita lambobin da ke cikinsa, ki faɗi lamba ɗaya ko biyu da kike so mai karatu ya duba da dalilin haka."

Wannan zai sauko da jadawalan cikin babin daga 26 zuwa 13. Ka faɗa mata haka tun yanzu, ka kuma ce babin zai ragu da kusan shafi goma kuma hakan ba laifi ba ne. In ba ka faɗa ba za ta cike gurbin da surutu, don ɗalibai sun yarda kaurin kundi shi ne darajarsa. Ka duba kuma ƙa'idar sashenku kafin ka ba da wannan umarni. Wasu sassan suna son a ware gabatar da sakamako da tattaunawa a kansa, wasu suna barin a haɗa. In naku na warewa ne, kashi ukun su bayyana sau biyu da jeri iri ɗaya da kanu iri ɗaya. Kada ka sa ɗalibi ya karya tsarin sashe, shi za a tsayar a semina.

Ta uku babi na biyar. Kowace shawara ta zo da lambar jadawali ko hirar da ta haife ta, wadda ba ta da shi a cire. Shawarar wayar da kai ta faɗi ke nan, abin da bayanan suka nuna ya fi kusa da matsalar tabbatar da shigar kuɗi nan take ga mai sayar wa baƙo. Ka ƙara gargaɗi ɗaya: binciken nan sau ɗaya aka tambayi mutane, a lokaci ɗaya, don haka yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗaya ba. Ɗalibin da ya gano hujjarsa sabuwa yakan yi zumuɗi ya wuce gona da iri, ya rubuta "ya haddasa" inda "yana da alaƙa da" ne bayanan za su iya ɗauka.

Babi na biyu fa? Ka ce mata kada ta taɓa shi tukuna. Shi ma a warwatse yake, amma ba za a iya jera bitar ayyukan da suka gabata ba sai an san hujjar da take share wa hanya. Da zarar babi na huɗu ya zauna, za ta ga da kanta cewa tana buƙatar kashi a kan ilimi, kashi a kan amana da bashi a kasuwanci, kashi a kan tsoron damfara, sauran kuma su fita.

Abin da ake bari a waje

Kurakuran nahawu, rubutun manazarta, lambobin shafi da girman haruffa ba su da wuri a wannan wasiƙar, sai jimla ɗaya: akwai su, za a bi su a zagaye na gaba. Dalili na aiki ne. Kashi ɗaya cikin uku na jimlolin babi na huɗu za su ɓace ko su canja wuri, gyara su yanzu ɓarnar lokacin mutum biyu ne. Kuma idan ka cika daftarin da Track Changes, ɗalibi zai danna Accept All ya turo maka washegari yana ganin ya gama. In kana so ka nuna salon da kake nufi, ɗauki sakin layi ɗaya kacal daga ƙarƙashin wani jadawali ka sake shi a matsayin samfuri, ka rubuta a kansa cewa samfuri ne.

Ka bar kalmomin da ke hukunta mutum. "Ba ki da natsuwa" magana ce a kan ɗalibar, ba ta da abin yi da ita sai ɓacin rai. "Shafi na 71 da 87 da 96 magana ɗaya suke yi, a haɗe su" magana ce a kan takarda, gobe da safe za a iya aikata ta. Haka nan tambayoyi irin su "me kike nufi a nan?" idan sun yi yawa ba tare da alƙibla ba, gajiyar da ɗalibi kawai suke yi.

In kai mai jarrabawa ne na cikin gida ba mai duba aikin ba, wasiƙar ta bi ta hanyar da sashe ya tanada, mai duba aikin ya gani. Ka kuma rarrabe gyaran da yake sharaɗi ne kafin ka sa hannu da wanda shawara ce kawai. Rashin wannan rarrabewa shi ke jefa ɗalibi tsakanin malamai biyu, kowa na jan sa gefensa.

Rufewa da abin da za a dawo da shi

Kada ka nemi cikakken daftari a karo na gaba. Nemi shafi biyu cikin kwana goma: jimla biyu na hujja, jadawalin daidaitawa mai gida huɗu da ta cika da kanta, da sabon jerin kanun babi na huɗu tare da lambobin jadawalan da za su shiga ƙarƙashin kowanne. Shafi biyu minti ashirin za su ɗauke ka, kuma in ta kauce hanya ka kamo ta kafin ta kashe wata guda tana rubutu. Sa ranar a wasiƙar da lamba, ka yi la'akari da azumi ko lokacin jarrabawa in sun gabato. Haɗa mata hoton takardarka ta layi-layi, ko da rubutun hannu ne.

Tura wasiƙar a rubuce, ta imel ko PDF a WhatsApp, kwana biyu ko uku kafin ku zauna. Saƙon murya ba ya maye gurbinta, don ba a iya bin sa da biro. A zaman, minti talatin sun isa. Ɗalibanmu za su ce "to, Malam" ko sun gane ko ba su gane ba, saboda haka kada ka tambaya ko ta fahimta. Ce mata ta rufe kundin ta faɗa maka da Hausa, kamar tana yi wa wani ɗan kasuwar bayani, abin da ta gano. In ta fara da "na raba takardu 320", har yanzu tana kan jerin aiki, sai ku koma jadawali 4.19 tare. In ta fara da "masu sari suna karɓa, masu sayar wa baƙi suna tsoro", ta kama, a bar ta ta je ta rubuta.

Idan sabon babi na huɗu ya zo, karanta jimlar farko ta kowane kashi kaɗai, a jere, ka tsallake sauran. In jimlolin uku sun ba da labarin binciken ba tare da ka buɗe jadawali ba, jerin ya zauna, sai ka ba da izinin taɓa babi na biyu. In an canja kanu ne kawai aka bar sakin layukan a inda suke, za ka gane daga lambobin jadawali: har yanzu suna bin jerin takardar tambayoyi, kuma na 19 yana nan a matsayi na 19.